Farin Yadin Mma Suweiba

Mma Suweiba ta shekara talatin tana sayar da yadi a kasuwar Nima, kuma ita ake kira wankan gawar mata a layinmu. Da na gama jami'a ban samu aiki ba, sai ta ba ni kula da shafin shagonta na Instagram.

Bayan wata guda na karanta mata alƙaluma. Rubutun leshin biki ya kai ga mutum dubu shida, talatin sun latsa zuwa WhatsApp ɗinmu, goma sun tambayi farashi. Wanda ta sa na rubuta, “Farin yadi, a tanada kafin a buƙata,” mutum ɗari huɗu kawai ya kai wa. Ba latsawa, ba amsa, amma hamsin da biyu sun adana shi. Na ce mu daina sa shi.

“Su wa suka adana, Shifa?”

“Ba ya nuna suna, Mma. Adadi kawai.”

“Masu mara lafiya a gida ne. Wa zai tambayi kuɗin likkafani a gaban jama'a? Da ƙafarsu za su zo. Maimaita shi duk Juma'a.”

Sun kuwa zo, ɗaya bayan ɗaya, ba mai neman ragi.

Ranar Talata babana ya ba ni wayarsa in goge masa tarkace. A cikin abubuwan da ya adana a Instagram na ga rubutuna na farin yadi. Alhali da ya dawo daga asibiti kwanakin baya, ya ce mana likita bai ga komai ba.

Yau Juma'a. Sau biyu Mma ta kira tana tambaya ko na saka rubutun. Ban iya ba tukuna.