Gonar Ƙanena a Cikin Waya

Ni ba mai son gem, wato wasan waya, ba ce. Malamar firamare ce ni, kuma ɗalibin da na kama yana latse-latse a aji ya san sauran. Amma da ƙanena ya rasu bayan gajeriyar jinya, wayarsa ta dawo hannuna, kuma a cikinta akwai gonar da ya shekara uku yana ginawa. Shi manomin gaske ne, wajen Zugurma yake noman masara, amma in ya dawo a gajiye sai ya kwanta a tabarma ya kama noman ƙarya a gem. Ya yi rumbuna, ya haƙa rijiya, ya tara shanu, kowace ya raɗa mata sunan wani a gidanmu. Wadda ta fi yawan kuka ita ya sa wa sunana, ɗan banza.

Kullum bayan la'asar nake buɗewa in ba shanun ruwa. Ban taɓa canza komai ba, ko shingen da ya kafa a karkace. A nan nake gaisawa da shi.

Wata biyar da rasuwarsa gem ɗin ya fara gardama. Ka taɓa shi, hoton farko ya fito, allo ya yi baƙi, ya watso ka waje. Ina cikin wannan fama taubashina ya shigo gaida Inna. Ɗan kawuna ne, kuma kun san taubashi: ya zage ka, ya cinye maka nama a kwano, ba ka da bakin fushi. Ga shi da ji da kai, wai shi masanin waya.

"Kawo nan, baƙauyiya," ya ce, ya fizge wayar daga hannuna.

"Kai, bi a hankali, ta marigayi ce."

"Minti ɗaya."

Minti ɗayan kuwa ya yi. Gem ya buɗe tas, sai ga fili fetal, kaza ɗaya, da wani ɗan tsana yana yi mini maraba a matsayin sabuwar manomiya. Na ce ina shanun? Ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa, ya yi dariya.

"To ai ya buɗe. Haba Malama, wasa ne fa, ba wani ne ya mutu ba."

Wallahi da hannuna ya kai ga taɓarya a lokacin, da an yi abin kunya. Inna ta ce in yi haƙuri, ba a riƙe taubashi. Na ce to. Na riƙe shi.

Washegari na kai wayar wurin wani mai gyara a kasuwa, Bakambare mai sanyin magana. Ya nuna mini maɓallai biyu a cikin setin, suna maƙwabtaka. Ɗaya na share kesh ne, wato tarkacen wucin gadi da manhaja ke tarawa, wanda in ya lalace yakan hana ta tashi, kuma share shi ba ya taɓa abin da ka gina. Ɗayan na share bayanai ne gaba ɗaya. Shi taubashina ya danna. Ƙanena kuma bai taɓa haɗa gem ɗin da asusun intanet ba, a cikin wayar kaɗai gonar take zaune.

"Hajiya, ba ta dawowa," in ji shi. Na sa shi ya maimaita.

Ban tashi ba sai da ya koya mini yadda ake yi. Na rubuta a bayan littafin darasi kamar mai shirin jarrabawa. Cikin 'yan watanni malaman makarantarmu da matan unguwa ni suke kawo wa waya. Ba don taimako na koya ba, gara in faɗi gaskiya. Jira nake.

Ranar wata Alhamis sai ga mutumina, ba dariya. Yana da ƙungiyar ƙwallo a waya, shekara biyu yana tara 'yan wasa, kuma ranar Asabar za su kara da samarin Auna da ya daɗe yana cika wa baki. Gem ya ƙi tashi. Masanin waya bai yarda ya danna komai ba, don ya san abin da yatsansa ya taɓa yi.

"Taubashiya, an ce ke ce gwana."

"Baƙauyiyar? Ka haɗa shi da asusu?"

Ya sosa ƙeya. Bai haɗa ba. Na ɓoye murmushina. Na ce ya je ya taya Inna ɓarar gyaɗa, ba na aiki ana tsaye a kaina.

Na shiga setin, ga maɓallan nan biyu. Na daɗe ina kallon na share bayanai. Sai na ga wannan ya yi masa sauƙi: zai ce kuskure na yi, ya samu abin tsokanata har tsufa. Na share kesh kawai. Gem ya ƙi. Na duba wuri, wayar cike take maƙil, amma ban taɓa hotunansa ba, tarkacen wasu manhajojin na kwashe. Na jona caji, na sabunta tsarin wayar da ya yi watanni yana danna "sai anjima", na sabunta ƙananan manhajojin da gem ke dogara da su, na kashe na kunna. Ya buɗe, amma yana sarƙewa.

Kafin ya sake faɗuwa na yi maza na haɗa shi da imel ɗinsa da ke kan wayar, na tabbatar an nuna ƙungiyar ta ajiyu. Sannan na cire gem ɗin, wanda dama turo masa aka yi daga wayar aboki, na sauko da sabo daga shagon manhaja na ainihi. Da ya tambaye ni ko zan shiga asusu, na ce a'a. Fili fetal, ba ɗan wasansa ko ɗaya.

Na kira shi na miƙa masa. Ya duba, ya fita, ya sake shiga. Gumi ya karyo masa.

"Ina 'yan wasana?"

"To ai ya buɗe," na ce. "Wasa ne fa, ba wani ne ya mutu ba."

Ya buɗe baki, ya kalli Inna. Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ba a riƙe taubashi, ai ya sani.

Kwana biyu na bar shi. An ce mini ko shagonsa bai buɗe ba ranar Juma'a. Ni kuwa na ci tuwona har da ƙari, kuma ban ji kunyar daɗin da na ji ba. Da safiyar Asabar na aika ya zo. Na karɓi wayar, na shiga asusun, da aka tambaya wacce za a riƙe na zaɓi tsohuwar ajiya. Minti biyu, ƙungiyarsa ta dawo cif, har mai tsaron gidan da yake taƙama da shi.

Ya yi tsalle kamar ɗan akuya, yana ta sa mini albarka. Sai ya tsaya, ya kalli wayar ƙanena da ke kan taga.

"To ita ma gonar, haka za a dawo da ita ko?"

"A'a," na ce. "Taka ce mai dawowa."

Ya zauna a bakin ƙofa, wayarsa a hannu. Na ɗauko ta marigayi na buɗe masa filin nan mai kaza ɗaya, na ajiye a cinyarsa. Na ce ya ba ta ruwa kafin ya tafi.