Goron Mani a Salular Wasu

Ranar da Mani ya tara dattawan fataucin goro a rumfar Alhaji Abdulaye don ya nuna musu aplikasiyon ɗin da ya ƙera, har sabuwar hula ya sa. Wata uku ya yi yana cika Zongo da baki cewa an gama wahalar buga moto, wato babur, zuwa kasuwar Rood Woko don tambayar goro: mai saye zai danna hoto kawai, huhunsa ya iske shi a gida. Ya ɗaga salularsa, ga jan goro, ga fari, kowa ya gyaɗa kai. Sai ya tura wa kowa a tasa.

Alhaji ya nisanta tsohuwar salularsa da fuska, ya matso da ita, ya ce shi fa akwati biyu yake gani, babu komai a ciki. Hajiya Indabo, wadda ke sarin goron biki da suna, ta ce ita akwati ɗaya ta samu, ɗayan kuwa tafarnuwa ce, har da jijiyarta. Razak dillali, mai sabuwar salula, ya duba tasa ya tuntsire da dariya.

"Mani, wannan ai wake ne. Goro za mu sayar ko benga, dafaffen waken bakin titi?"

Wake ne kuwa. Mani ya bincike duk emojin duniya bai ga goro ba, sai ya ɗauki wake ya ce ja, ya ɗauki tafarnuwa ya ce fari, don a salularsa in ka kanne ido sun yi kama. Bai sa rubutu a ƙarƙashi ba, saboda rabin masu sayen ba sa karanta faransanci. Gumi ya jiƙa sabuwar hular.

Shi Mani ba jahilin salula ba ne, kar a ci zalinsa. Ɗan fatake ne, uba da kaka duk goro suka ɗauka, shi kaɗai ya ce ganyen huhu na sa shi ƙaiƙayi. Ya bar lakkol, wato makarantar boko, da wuri, ya kafa tebur a bakin titi yana gyaran salula, shekara goma sha biyar. Ƙera aplikasiyon kuwa a bidiyo ya koya. A Zongo in salula ta yi tari, sunansa ake kira, kuma wannan sunan ya fi masa tuwo.

To, a bakin rumfar akwai Maijidda, 'yar Hajiya Indabo, ta kawo wa uwarta abinci. Zane ta karanta, tana aiki a wani ofis a cikin gari. Alhaji ne ya tambaye ta, ba ita ta tsoma baki ba. Ta yi bayani a hankali cewa emoji ba hoto ba ne da ake turawa, kamar harafi yake: aplikasiyon na faɗin lambarsa, kowace salula kuma ta zana shi da hannun kamfaninta. Wadda aka daina sabunta ta kafin a fito da wannan emojin ba ta san shi ba, sai ta ajiye akwati. Magani shi ne a zana goron da kai, irin zanen layi da ake kira vektor, a sa shi cikin aplikasiyon ɗin ya tafi da abinsa.

Alhaji ya ba Mani sati ɗaya. In goro bai fito goro a kowace salula ba, aikin ya koma ofishin su Maijidda.

Ba satin ne ya ƙona wa Mani rai ba, yadda dattawa suka yi tsit suna sauraron yarinyar ne. Shi da ya canza mata allon salularta ta farko tana kuka da majina! Duk wanda ya zauna a teburinsa a kwanakin nan sai ya ji labarin majinar. Ya ce vektor ɗin ma wane dare ne jemage bai gani ba, ya san shi tun tana rarrafe. Da ta wuce a moto da jakar ordinatarta, wato kwamfuta, a baya, ta gaishe shi, sai ya duƙufa kan wata matacciyar salula kamar likita a kan mara lafiya.

Ya fara da ɗaukar hoton goro na gaske, marsa biyu, manya-manyan nan, a kan farin faranti. Da ya rage hoton ya kai girman farce, sai ya koma wani dunƙule da ba a fayyace shi. Da ya buɗe a babban allo, gefensa ya yi haƙora. Ya share. Ya sauke manhajar zane ya gwada da kansa kwana biyu. Matarsa Zulaihatu ta leƙa ta tambaye shi ko mahauta ma sun ba shi aiki, don ta ga ƙodar akuya.

Ran Alhamis, saura kwana ɗaya, ya saka salular wani a aljihu ya nufi gidan Hajiya Indabo, wai ya zo kai gyara ne ya yi kuskuren ƙofa, a unguwar da aka haife shi. Maijidda ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo zoom-koom mai sanyi, ruwan garin geron nan. Ya yi zancen zafi, ya yi zancen tsadar esans, wato man fetur, ya kurɓa, ya sake komawa kan zafi.

"Yaya Mani," in ji ta, "in ɗauko ordinatar?"

"In kina so ki gwada hannunki, ni ba na hana yaro koyo."

Ta ɗauko goro ɗaya a ƙwaryar uwarta ta ajiye a gabanta. Ta ja layi, ta lanƙwasa, ta fitar da tsagar nan ta tsakiya da ake ɓare goro. Ta zuba masa ja. Ta kwafi shi ɗin dai ta mai da shi fari, ta kewaye da baƙin layi don kar ya ɓace a farin allo. Ta girmama shi ya cika allon, ta rage shi ya koma ƙwayar gero, bai dushe ba. Duka bai kai a dafa shayi zagaye biyu ba. Mani ya ce ba laifi, amma jan ya ɗan yi yawa. Ta rage. Ya ce na farkon ya fi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci aka sake taruwa. A tsohuwar salular Alhaji goro, a ta Hajiya goro, a ta Razak goro, iri ɗaya sak. Aiki ya zauna a hannun Mani. Amma Alhaji bai dube shi ba, wajen Hajiya ya juya yana mata barka, wai Allah ya yi wa hannun 'yarta albarka, kamar ka ɗauka ka ɓare. Wata uku na Mani, da tura saƙo, da jera masu moton kai goro, babu wanda ya ce uffan a kai. Kafin la'asar Zongo ta raɗa wa abin suna goron Maijidda.

Washegari Razak ya tsaya a teburinsa, ya kashe moto, ya ce ya zo ne a sa wa ƙaninsa aplikasiyon ɗin Maijidda, in Mani ya san yadda ake yi. Masu jiran gyara suka ƙunshe dariya. Mani bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure ƙusar da ke hannunsa.

"Ku yi ta yabon mai fenti," in ji shi. "Ran da ginin ya tsage, ku je ta zana muku tsagar, iri ɗaya a kowace salula."