Kwana shida na Mma Habsa

Shekara arba'in Mma Habsa ta yi tana sayar da goro a kasuwar Kejetia, ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko da gwiwa ta kwantar da ita a gidanta na unguwar Aboabo, daga kan tabarma take aike, tana faɗa. A asibiti aka ba ta tramadol, maganin ciwo, saboda gwiwar, da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Da kanta ta rage shan ruwa, don gidan bahayan unguwa da nisa, ga layi.

Sai bayan gida ya ɗauke. Kwana uku, huɗu, shida. Ta dogara sanda ta je ta tsuguna, ta yi nishi har gumi, ta dawo hannu banza. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofa, ta koma. Ko koko ba ta marmari. Kunya ta hana ta faɗa, sai da 'yarta Samiratu ta ga tana zagaye tsakar gida da hannu a mara.

Maƙwabciya ta kawo bentuwa, robar da ake ɗura wa mutum ruwan magani ta ƙasa, da sassaƙe da citta. Mma Habsa har ta ce a dafa, ita dai ta rabu da nauyin nan. Samiratu ta ƙi. Ta kwashe magungunan a leda, ta tare tasi, ta kai uwar asibiti.

Nas Humu ta zazzage ledar a tebur, ta ware tramadol da na ƙarin jinin, ta ce su biyun nan kowanne na taurara bayan gida, balle ga tsohuwa da ba ta motsi. Mma Habsa ta ce to a ba ta na wankin ciki ta tafi. Nas ɗin ba ta yi sauri ba. Ta tambaya ko tana amai, ko cikin na murɗa mai tsanani, ko ta ga jini, ko ta rame kwanan nan. Duk babu.

"Mma, iska tana fita?"

Tsohuwar ta kalli bango. "Tana fita."

"Alhamdulillahi. Da ba ta fita, ga amai da kumburi, da sai mu ji tsoron hanji ya toshe. In hanji ya toshe, maganin wankin ciki ɓarna zai yi."

Likita ya danna cikin, ya duba ta ƙasa, ya canja maganin gwiwar, ya rage ƙarin jinin. Ya rubuta ruwan magani mai zaƙi, laktulos, mai tausasa bayan gida, ya ce yana iya kai kwana biyu kafin ya yi aiki, ta bi shi da ruwa sosai, da gwanda da miyar kontomire, wato ganyen gwaza.

Kwana biyun nan Samiratu ta sha mita. A rana ta biyu da hantsi Mma Habsa ta dawo daga gidan bahaya da butarta, nauyin ya sauka, ta zauna ta cinye tuwo.

Har yanzu takan ƙi ruwa in ba a tsare ta ba. Ta kuma fara maganar komawa kasuwa.