Goron da Mma Ba Ta Raba Ba

Jiya a kasuwar Nima na ji ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro, sai Mma, mahaifiyata, ta faɗo mini a rai.

Ina jin shekarata sha biyar, ina jiran sakamakon jarrabawa, Baffa, wan Baba, ya shigo gidanmu na unguwar Mamobi da goron masu neman aurena. Tun rasuwar Baba, maganata a hannunsa take.

“A raba wa maƙwabta,” in ji shi.

Mma ta san da zarar an raba, magana ta tabbata. Ta durƙusa ta ce, “Yaya Alhaji, bayarwa taku ce, ban musa ba. Amma ba da hannuna ba. Yarinyar nan makaranta za ta koma.”

Kwana uku tana yayyafa wa ƙunshin goron ruwa kada ya bushe, sannan ta nemi liman ya raka ta, suka mayar wa masu shi, ko ƙwaya ba ta taɓa ba.

Dangin Baba suka ɗauke mata ƙafa. Ko da ta kwanta ciwo, ban ga sun zo ba, sai dai ko sun zo lokacin ina jami'a. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni kuma ban tabbata na gode mata ba.

Allah ya sanyaya kabarinki, Mma, kamar yadda kika sanyaya goron nan.