Kakar da Za Ta Riƙe Asibiti

Shekarar da na aje alli na bar koyarwa aka sa ni cikin kwamitin kula da asibitin ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar Matameye. Ba don na san magani ba. Ana son mace a kwamitin, ana kuma son mai karanta Faransanci, sai aka ga da ni an huta da neman mutum biyu.

Wata ƙungiyar Turawa ce ta gina asibitin, mu dai porje muke ce mata. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, gwamnati ke biyansa. Sajifam kuwa, mai karɓar haihuwa, porje ce ta ɗauko ta daga Damagaram, ita ke ba ta albashi. Yarinya ce marar yawan magana, mai saurin hannu. Kafin zuwanta, in haihuwa ta gardama, a amalanken shanu ake ɗora mace a kai ta bakin kwalta a jira mota. Da ta zo sai wannan ya ragu ƙwarai, don tun a awo take gane cikin da ya fi ƙarfinta ta tura shi Matameye da wuri.

Porje ba ta yi mana rufa-rufa ba. Tun da sauran lokaci ta ce za ta tafi, ta kuma kawo tsarin tafiyar a rubuce. Na karanta shi, kuma ban ga aibinsa ba. Za a bar mana magani cike da kanta, a riƙa sayarwa da ɗan ƙari ana sake sarowa. An koya wa kwamiti riƙon asusu, an koya wa wani mai gyaran babur duba batir da farantin hasken rana na firjin allurar rigakafi. Albashin sajifam ne mai wuya. Kuɗin magani ba zai ɗauke shi ba, don yara ƙanana da masu awon ciki kyauta ake duba su, abin da gwamnati ke mayarwa kuma yakan daɗe a hanya. Saboda haka aka tsara porje ta koma biyan rabi, daga baya ta daina. Giɓin kuwa kowane gida zai ba da tiyar hatsi in an yi girbi, a aje shi sai ya yi daraja a sayar, har ranar da meri, wato ofishin magajin gari, ko gwamnati za ta ɗauki sajifam aiki.

Aka tara gari a ƙofar mai gari don a yi bayani. Jami'in porje ɗan Damagaram ne, mai fara'a, mai son ya ga an yi dariya. Ya ce abin da za a yi wa asibiti yaye ne. Kalmar ta yi wa mutane daɗi. Sai wata tsohuwar ungozoma, wadda ita ta yanke cibiyar rabin mazan da ke zaune, ta ɗaga murya.

"Yaro, mu nan in an yaye ɗa, gidan kaka ake kai shi. Shi wannan wa zai riƙe shi?"

Jami'in ya tafa hannu. "Iya, kin faɗa da bakinki. Kaka za ta riƙe shi!"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Shi kakar girbi yake nufi, ni ma haka na ji. Ya ci gaba ya yi bayanin tiyar hatsi, amma an riga an kira la'asar, maza sun fara laluben takalmansu. Abin da ya bi mutane gida shi ne akwai kaka. Wasu suka ce uwar porje ce ta can ƙasar Turawa, wasu suka ce gwamnati ce. Mai gari ya dangwala yatsa a yarjejeniya hankalinsa kwance.

Mu ƴan kwamiti muka ga ai magana ta zauna, muka koma kan abin da muka ɗauka shi ne aikin: ƙirga magani, koyon rubuta rasit, gardamar wa zai riƙe makullin kanta. Ba mu fita karɓar hatsi ba sai da aka gama kai damma gida aka liƙe rumbuna. Wanda ya san garinmu ya san hatsi a bakin gona ake samunsa, lokacin da ake fid da zakka hannu na sake. In ya shiga rumbu, ko surukin mutum bai isa ba.

Gidan farko da muka shiga, maigidan ya dubi buhunmu ya dube ni.

"Malama, wane irin hatsi kuma? Ba an ce kaka za ta riƙe ba?"

"To ai ita ce ta zo, Alhaji. Ba ka yi girbi ba?"

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce wallahi bai taɓa jin wasan baki mai daɗin wannan ba. Amma bai buɗe rumbu ba, ya ce mu bari sai baɗi. Gida gida haka muka yi ta ji. Da yawansu da gaske ba su gane ba. Wasu kuwa sun gane sarai tun ranar farko, kakar Turawan ce ta fi musu sauƙi. Abin da muka tara bai taka kara ya karya ba.

Muka garzaya meri. Aka karɓe mu da mutunci, aka nuna mana an riga an zartar da kasafin shekara, sai dai a duba a na gaba. Babban likitan gunduma ya ce ya tura sunan sajifam sama, amma ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Jami'in porje ya dawo ya sake tara gari, wannan karon ba wasa a bakinsa, sai dai ba shi da ikon ƙara ko wata ɗaya a kan ranar tafiyar porje.

Sajifam ta ci gaba da aiki da rabin albashi. Da porje ta tafi, ta ci gaba ba ko sisi. Mata suka riƙa kai mata fura da kwanon tuwo, wata ta ba ta zakara. Ita kuwa tana da uwa da ƙanne a Damagaram da ke jiran abin da za ta aiko, zakara ba ya biyan kuɗin haya. Na ji kunyarta ƙwarai a watannin nan, har nakan sauya hanya in na hango ta.

Gab da faɗuwar damina ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a birni. Ranar kasuwar Matameye ta tafi, don ranar ce ake samun mota. Ta wanke almakasai da sauran kayan aiki ta jera, ta nuna wa majo katunan matan da ke kusa da haihuwa, ta ware masa waɗanda ya kamata a tura tun kafin naƙuda. Ta ce mini, "Malama, a yafe ni." Na ce mu ne da neman gafara.

Da aka yi girbi na gaba ba wanda muka roƙa. A daminar an sake ganin amalanke ɗauke da mace ana neman bakin kwalta, kuma ba sau ɗaya ba. Mutane suka kawo hatsi tun daga gona, wasu har da ƙari a kan tiya. Alhajin nan da kansa ya aiko da dami. Muka aika wa sajifam, ta yi godiya, ta ce ta riga ta sa hannu a can. Muka nemi wata, ba mu samu mai yarda ta zo ƙauye a kan albashin da ke jiran farashin hatsi ba.

Asibitin yana nan yana aiki. Ana sayen magani, firji na sanyi, majo na iya ƙoƙarinsa. Buhunan hatsin dai muka rasa inda za mu aje su, don ma'ajin magani ya cika, ofishin majo kuma yana yoyo. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe da rufi lafiyayye wanda ba a amfani da shi. Muka tura gadon haihuwa jikin bango, muka jera buhunan.