Hotunan Haroun

Haroun mutumin Damagaram ne. Ya shigo garin Sabha da niyyar wucewa gaba, sai ya maƙale a shagon Alhaji Gwadabe, Bakano mai sayar da atamfa da turare a unguwar Mahdiya. Har furfura ta fito masa yana nan.

Ba ya ɗaga dila, ba ya iya ciniki. Abin da ya iya shi ne karanta rubutun Alhaji, wanda sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Kullum bayan la'asar su zauna su biyu da littafin ciniki, irin na 'yan makaranta, Haroun yana karantawa yana kwafewa, Alhaji yana ba shi labarin kasuwar Kwari ta Kano. Wannan zaman shi ne duk abin da Haroun ya mallaka a garin, kuma yana ji da shi.

Sai abokin kasuwancin Alhaji na Kano ya ce a riƙa turo masa lissafin a tsare. Aka samo Mu'ammar, mai shagon kwamfuta a unguwar Gurda. A tura masa hoton shafi ta waya, ya zuba komai layi-layi: kwanan wata, kaya, adadi, farashi, jimla. Inda Alhaji ya yi 'yan ɗigo biyu maimakon maimaita sunan kaya, ya cike. Inda aka soke, ya tsallake. Ya haɗa jimlarsa ya gwada da ta ƙasan shafin.

Alhaji ya ga takardar farko, ya ce, "Kai! Yaron nan ya san hannuna kamar shi ya haife ni."

Ranar Haroun ko abinci bai ci ba. Kishi ne zalla, ba wani abu ba. Abin haushin kuma, shi aka ɗora wa ɗaukar hoton.

To, ya ɗauka. Yau inuwar hannunsa ta rufe farashi. Gobe ya ƙi danne littafin, tsakiyar ta lanƙwashe ta haɗiye adadi. Jibi ya yanke saman shafin, inda Alhaji kan rubuta kwanan wata sau ɗaya tak. Mu'ammar ba ya cike gurbi da ka, sai ya bar wurin fayau, ya bugo waya.

"Kaye ɗin ne ya tsufa, Alhaji," in ji Haroun, yana nuna littafin, fuska ba ko ɗigon kunya. "Foto ba ta kama shi."

Yana jiran a ce a koma yadda ake da.

Ran Asabar bayan la'asar sai ga Mu'ammar da kwamfutarsa a hammata. Alhaji ya tashi da kansa ya tarbe shi.

"Tunda hoton ya gagara, kullum zai riƙa zuwa mu duba tare," in ji Alhaji. "Haroun, ɗan matsa masa. Ka kula mana da ƙofa, kada mai saye ya katse mu."