Muryar Manaja a Hannun Yayata

A kamfanin motocin haya da nake aikin kanikanci, direbobi suna kiran yayata Anti Gyara. Sunan ya bi ta har gida, don har 'ya'yanta idan suna son tsokanarta da shi suke kiranta. Ni dai Yaya nake ce mata, a gida da wajen aiki.

Tun muna yara ita ce mai rubuta wa Inna saƙo idan za a aika wa dangi. Inna za ta yi ta faɗa, Yaya tana rubutawa, in an karanta mata a ƙarshe sai ta ce, "To ai abin da na ce ke nan," alhali an zubar da rabin faɗan a hanya. Da ta gama makaranta ta koyi buga na'ura, ta samu aikin sakatariya a kamfanin nan tun yana da motoci 'yan kaɗan. Ita ta yi mini hanya daga baya na shiga gareji.

Ofishinta ɗan ƙarami ne, tsakanin ɗakin Manaja da matakala. Tebur ɗaya, kwamfuta, fanka mai ƙara, da taga mai kallon filin da motoci ke kwana. Manaja mutum ne mai kirki, amma rubutunsa yana bin yanayin da ya tashi da shi. In ya tashi da fara'a, saƙonsa ya yi tsawo har da barkwanci. In mota ta lalace a hanya, sai kalma uku da alamar motsin rai. Yawanci ma ba ya rubutawa, murya yake turo mata yana tafiya, ana jin ƙarar hon a bayansa.

Aikin Yaya shi ne ta mayar da wannan duka muryar mutum ɗaya. Ba ta taɓa canza rana ko lokaci ko hukuncin da ya yanke, kuma ba ta tura komai sai ya karanta ya ce to. Abin da take daidaitawa shi ne yadda maganar ke fita. Kowane saƙo yana buɗewa da sallama da sunan mai shi. Kowa "ku" ake ce masa, daga babban direba har mai wankin mota, mace ko namiji. Abin da ake so a faɗa yana zuwa a layin farko, dalili ya biyo baya. Sannan a rufe da "Na gode da ƙoƙarinku," a ƙasa a sa "Manaja." Ko gargaɗi ne haka yake ƙarewa, ko ta'aziyya, ko sanarwar an ɗauke ruwa a banɗaki.

Na taɓa tambayarta, "Yaya, mutum ya fasa gilashin mota, kuma a gode masa da ƙoƙari?"

Ta ce, "Laifin yana cikin saƙon, na rubuta shi ɓaro-ɓaro. Amma in na cire godiyar ranar da aka yi fushi, kowa zai koma karanta ƙasan saƙo kafin samansa, yana neman ko yau an gode masa."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai shekarar da Inna ta kwanta asibiti. Yaya ta ɗauki hutu ta tare a wajenta, kuma a daidai lokacin kamfani ya sake rabon layukan da motoci ke bi. Kowane direba sai an tura masa saƙonsa daban, da sabon layinsa da ranar da zai fara. Manaja bai so ya dame ta tana jinya ba, sai ya raba aikin uku: ya ba akanta wasu, ya ba mai kula da ma'aikata wasu, shi ya riƙe na tsofaffin direbobi.

Da rana saƙonni suka fara shigowa, direbobi suna zaune a rumfar da suke shan shayi kusa da gareji. Kafin ka ce me, wayoyi sun haɗu a kan benci ana gwadawa. Na akanta cike suke da "bisa umarnin hukumar gudanarwa," har wani ya ce wannan ba daga Manaja ba ne, 'yan damfara ne, shi ba inda zai koma. Na mai kula da ma'aikata kuwa sun ƙare da "Naka har kullum," waɗanda suka samu suna ta washe baki, ana ce musu 'yan gaban goshi.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Sannu, saboda bai taɓa gudu da mota ba. Shi ya fi kowa daɗewa a kamfanin, kuma shekara da shekaru layin babbar tasha yake ja, layin da ake ba wanda aka yarda da shi. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, karanta mini, ko idona ne."

Na karanta: "Daga Litinin ka koma layin asibiti. Manaja."

Ya ce, "Shi ke nan? Duba ƙasa."

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya shanye shayinsa, ya gama zagayen yamma kamar kullum, ya ajiye motar a inda take kwana. Sannan ya zo gareji ya ba ni makulli, ya ce in kai sama, gwiwarsa ba ta son matakala. Washegari bai zo ba, kuma kiran ofis bai ɗauka ba.

Da na je duba Inna na ba Yaya labari a barandar asibiti. Ta karɓi wayata ta karanta hotunan saƙonnin da na ɗauko, tana girgiza kai. Inna daga kan gado, ƙanwarmu tana zaune a gefenta, ta ce, "Ke tashi ki tafi aikinki, ga ƙanwarki nan. Tun ɗazu kike gyara wa likita magana, na gaji."

Ranar da ta koma ina ofishin, na kawo takardar kayan gyara a sa hannu. Manaja ya fito da fuska a yamutse. Ashe layin asibiti gata ya yi wa Baba. Gajere ne, ba cunkoso, ba yawan taka kuloci, ya zaɓa masa ne saboda gwiwar. A tsaye ya rubuta saƙon, mota tana jiransa.

Ya ce, "Ki rubuta masa ban haƙuri mai kyau. Ki rufe da 'ɗanka mai ƙaunarka' ko wani abu haka."

Yaya ta ce, "Yallaɓai, in an yi masa shi kaɗai, gobe wayarsa tana kan benci. Sauran za su ce su ba 'ya'ya ba ne? A bar ni in sake dukansu, a tura tare."

"Duka? Ai bayanin da ke ciki daidai ne."

"Daidai ne. Amma wasu ba su yarda kai ka turo ba, wasu kuma sun ɗauka ka fi son su. Abin da kake so Baba ya ji, mu sa shi a tsakiya, a matsayin dalili. Ƙarshen a bar shi yadda kowa ya saba."

Manaja ya ce, "To, yi."

Ta wuni a kai. Ta jera saƙonnin a allon kwamfuta gefe da gefe, ta ɗauko jadawalin layuka tana duba kowane suna da layinsa da ranarsa, don kada wajen gyaran lafazi a taɓa bayani. Ta sauke manyan kalmomin akanta, ta rage zaƙin na mai kula da ma'aikata, ta mayar da kowane "ka" ya zama "ku." A saman kowanne ta sa layi ɗaya mai cewa wannan ya maye gurbin saƙon baya, kuma layin da aka ba mutum bai canza ba. Da ta gama ta karanta su a bayyane ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana sauraron inda murya ta kauce. Akanta ya leƙo ya ce ai nasa ba kuskure. Ta ce masa ko ɗaya babu, da shi ne manaja da a kan nasa za ta daidaita na kowa. Ya yi dariya ya koma.

Na Baba Sannu ya ce an mayar da su layin asibiti daga Litinin saboda ya fi sauƙi ga gwiwa, kuma fasinjojinsa marasa lafiya ne da ke buƙatar direba mai natsuwa. Ya ƙare kamar na kowa. Manaja ya karanta duka, ya canza kalma ɗaya, aka tura.

Rumfa ta lafa a ranar. Mai maganar 'yan damfara ya kama sabon layinsa, 'yan gaban goshi suka sha tsiya. Amma Baba bai dawo ba. Alama ta nuna ya buɗe saƙon, bai amsa ba. Yaya ta yi ta duba waya har aka tashi, kuma na ga abin ya taɓa ta, don ta yi zaton gyaran zai isa.

Da safe ta shiga wajen Manaja ta ce, "Yallaɓai, wannan ya wuce rubutu. Ya san ni na rubuta na biyun. Na farkon ne ya ɗauka naka."

Ni na tuƙa Manaja gidan Baba. Muka same shi a ƙofar gida yana gyara keken jikarsa. Na tsaya jikin mota, ban ji duk abin da suka ce ba, sai dai na ji Baba yana cewa, "Da ka kira ni ka faɗa da bakinka, ko layin bola ka ba ni zan ja." Manaja ya tsuguna ya riƙe masa keken har ya ɗaure sarƙa. Ranar Litinin Baba ya karɓi makullinsa, ya ja layin asibiti har ya yi ritaya.

Bayan haka Yaya ta zauna ta rubuta ƙa'idojinta a shafi guda, da misalan saƙon sanarwa da na gargaɗi da na jaje, ta ba akanta da mai kula da ma'aikata, ta manna ɗaya a bangon ofis. Ta kuma roƙi Manaja cewa duk labarin da zai canza wa mutum aikinsa, a fara faɗa masa baki da baki, saƙo ya biyo baya.

Inna ta warke ta koma gida. Manaja ya yi ritaya bara, aka kawo wata mata a madadinsa, mai magana gajeriya, ba ta son doguwar gaisuwa. Yaya, da furfura ta fara fito mata, ta koma ɗaliba. Makonnin farko tana shiga taro ta zauna a gefe tana sauraron yadda matar ke ba da umarni da yadda take sallamar mutane, ta rubuta saƙo iri biyu ta kai mata ta zaɓa. Jiya da na hau sama na same su kai a haɗe a gaban kwamfuta, suna gardama a kan ko sanarwar canjin taya tana buƙatar "don Allah." Yaya ta ɗaga mini hannu ta ce in ajiye takardata a tebur, in dawo bayan sun gama.